Gaisuwar Mutuwa a Gidan Maƙwabcin da Addininku Ba Ɗaya Ba

Cikin bazarar bara matar wani maƙwabcinmu ta rasu a Mabera. Mijin Ibo ne, ɗan jihar Anambra, mai sayar da kayan gyaran mota. Ya fi shekara ashirin a Sakkwato, 'ya'yansa duka a nan aka yanke masu cibi, kuma in suna magana daga bayan katanga ba ka raba su da 'yan Ƙofar Marke. Da labarin ya iso majalisarmu bayan la'asar, kowa ya yi salati. Wani ya tuna daren da marigayiyar ta ɗauki matarsa tana naƙuda ta kai ta asibiti. Amma da aka ce a tashi a je gaisuwa, mu uku kaɗai muka miƙe. Wani dattijo da nake ganin girmansa ya faɗi abin da ke zuciyar sauran: "In mun tai, mi za mu ce mai? Ai ba a ce ma nasu Allah shi jiƙai."

Na yarda babu ƙiyayya a maganar dattijon nan. Yana tsoron ya furta abin da zai taɓa addininsa, yana kuma jin nauyin ya je ya zauna baki rufe. Sai dai mutumin da ke zaune a tsakar gidansa da 'ya'ya huɗu marayu bai san wannan lissafi ba. Abin da ya gani shi ne mutanen da ya yi shekaru yana gaisawa da su kowace safiya ba su taka ƙofarsa ba. Ra'ayina a fili yake: zuwa gaisuwar nan haƙƙin maƙwabtaka ne, kuma abin da za a faɗa malamanmu sun daɗe da shimfiɗa shi. Mu ne ba mu karanta ba, ko muka karanta muka manta.

Gaskiyar da ke cikin maganar dattijon ita ce, Alƙur'ani a Suratut Tauba ya hana Annabi (SAW) da muminai nema wa wanda ya mutu a kan shirka gafara, kuma a kan haka malamai suka tafi cewa Musulmi ba ya roƙon gafara da rahama ga wanda ya rasu ba a kan Musulunci ba. Ba na jayayya da wannan. Amma ta'aziyya tana da ɓangare biyu, addu'a ga mamaci da lallashin mai rai. In an rufe ƙofar farko, ta biyu a buɗe take. Imamu Nawawi, wanda ya rasu a shekara ta 676 bayan Hijira, ya rarrabe wannan a littafinsa na Azkar, littafin da ke hannun ɗalibai a zaurukan garin nan. Ya nuna cewa lafazin yana canzawa ne gwargwadon wanda ya rasu da wanda aka yi wa rashin. Idan Musulmi ne ya rasa ɗan'uwansa da ba Musulmi ba, ana roƙa masa lada da kyakkyawan haƙuri, a tsaya nan. Idan wanda ba Musulmi ba ne ya rasa ɗan'uwansa Musulmi, ana ba shi haƙuri, a nema wa mamacin gafara. Idan duka biyun ba Musulmi ba ne, ana yi wa mai rai fatan Allah ya mayar masa da abin da ya rasa. Wanda ya zauna ya tsara waɗannan kalmomi ya riga ya ɗauka cewa Musulmi zai je gidan.

Kuma wannan ba lissafin littafi kawai ba ne a ƙasarmu. Duk wanda ya san mutanen Zuru, ko na kudancin Kaduna da ke aiki a Sakkwato, ya san gidan da wa yake zuwa masallaci ƙane yana zuwa coci, uwa ɗaya uba ɗaya. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda kusan kowane almajirin fiƙihu a nan ya bi ta kanta, ta yi maganar Musulmin da mahaifinsa ya mutu ba a kan Musulunci ba: ba zai yi masa wankan gawa ba, amma in ya ji tsoron gawar za ta tozarta, shi zai rufe ta. Da Abu Ɗalib ya rasu, Sayyidina Aliyu aka umarta ya je ya binne mahaifinsa. Bukhari da Muslim kuma sun ruwaito cewa an wuce da wata gawa Annabi (SAW) ya miƙe tsaye, da aka gaya masa ta Bayahude ce, ya nuna cewa ai ita ma rai ce. Na san akwai malaman da ke tsanantawa a kan shiga coci lokacin addu'ar jana'iza, kuma ban ce kowa ya shiga ba. Ni kaina ba na shiga. Gidan mutum nake magana, inda tabarma ko kujerar roba take, inda babu wata ibada da za a ce ka yi.

To me muka ce da muka je? Abin da muka saba faɗa, ban da jimla ɗaya. Muka yi sallama irin ta gari, muka zauna, babban cikinmu ya ce, "Maigida, mun ji abin da ya faru. Ya haƙuri? Allah ya ba ka haƙuri, ya ba ka ikon riƙon yaran nan, ya raya su." Ni kuma na ƙara da cewa unguwa ta yi rashin mutuniyar kirki, na ambaci daren asibitin nan. A nan ne mutumin ya sunkuyar da kai ya yi kuka, ya ce bai san an riƙe wannan abin ba. Faɗin alherin da mamaci ya yi maka shaida ce ta gaskiya, babu malamin da ya hana ta, kuma na lura ita ce ta fi shiga zuciyar wanda aka yi wa rashi, ko wane addini yake bi. In kana son ƙarin kusanci, Ibo suna cewa "ndo", Yarbawa suna cewa "pele", duka ma'anarsu sannu. Kiristocin Arewa masu Hausa kuwa suna da kalmarsu da suke ji a coci, "Allah ya ta'azantar da ku", kuma tushenta ɗaya da ta'aziyyar da muke faɗa. Musulmi zai iya furta ta ba tare da ya taɓa komai na aƙidarsa ba.

Abin da ya fi kalma rikita mutane shi ne lokaci, domin kowa yana zuwa da agogon gidansu. Dubi manyan ƙasar nan biyu. Alhaji Shehu Shagari ya rasu a Abuja ranar Juma'a 28 ga Disamba 2018, washegari Asabar an rufe shi a garin Shagari. Odumegwu Ojukwu ya rasu a Landan ranar 26 ga Nuwamba 2011, ba a binne shi a Nnewi ba sai 2 ga Maris 2012, bayan fiye da wata uku. Kowanne an girmama shi iyakar girmamawa a idon mutanensa. Haka abin yake a unguwa. Mu gaggawa muke yi, addini ya ce a gaggauta, zafin Sakkwato ma da ke haura digiri 40 a Afrilu ba ya ba da damar jira. Wanda ya cika da asuba, kafin azahar an dawo daga maƙabarta, a shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida kwana uku, daga nan zaman makoki ya watse. Maƙwabcinmu kuwa gawar matarsa ta yi mako biyar a mutuware. Sai da aka sanar da dangin matar a can gida yadda al'adarsu ta tanada, aka tsayar da rana da coci, ƙungiyar 'yan garinsu da ke Sakkwato ta zauna ta yi lissafi, aka yi daren waƙoƙi da addu'a a nan, sannan motar gawa ta kama hanyar kudu.

Kuskure biyu ke fitowa daga wannan bambanci. Musulmi yakan je sau ɗaya a kwana ukun farko, ya ɗauka ya sauke nauyi, alhali nauyin gidan bai ma fara ba. Mako na uku da na huɗu, lokacin da kuɗin mutuware ke taruwa kullum, ana cinikin akwati da motar da za ta yi yini da kwana a hanya, shi ne lokacin da mutumin ya fi bukatar a leƙo shi. Wani kuma yakan ƙara da tambayar da ke ƙona rai: "Har yanzu ba ku rufe ta ba?" Na ji an yi wa maƙwabcinmu ita a gabana. Mai tambayar tausayin gawar yake ji, amma a kunnen mijin zargi ne, kamar an ce ya wulaƙanta matarsa, shi kuwa bashi yake ci don ya kai ta gida da mutunci. Tambayar da ta dace ita ce, "An sa rana?" In ya faɗa, ka riƙe ranar, ka fito ka tsaya a bakin titi sa'ad da motar za ta tashi. Mun yi haka, mu wajen goma a wannan karon, har da dattijon nan.

Kirista kuma yakan yi kuskuren ta ɗaya gefen. Ya ji rasuwar mahaifin abokin aikinsa ranar Talata, sai ya ce bari a kwana biyu hankali ya kwanta, zai je Asabar, ko ya jira a aiko masa da katin jana'iza. Babu katin da zai zo. Ranar Asabar an naɗe tabarmi, 'yan nesa sun koma garuruwansu. Ga abokaina Kirista ina cewa: ranar da kuka ji, ranar za ku je, ko washegari. In kun tarar ana sallar gawa, ku tsaya gefe cikin natsuwa har a idar, ba ta wuce 'yan mintuna, babu ruku'u babu sujada. Namiji ya zauna wajen maza a ƙofar gida ko zaure, ya cire takalmi kafin ya hau tabarma. Mace ta shiga cikin gida da mayafi a kanta. Kada namiji ya nemi a kai shi wurin matar mamaci don ya miƙa mata hannu ko ya rungume ta, ko da abokiyar aikinsa ce. Tana cikin takaba, wata huɗu da kwana goma, in kuma tana da ciki sai ta haihu. Saƙonka zai isa ta bakin ɗanta ko ɗan'uwanta, ko ka turo maiɗakinka. Fure ba ya cikin al'adarmu, ba za a san inda za a ajiye shi ba. Baƙaƙen kaya ma ba dole ba ne, sutura ta kamala ta wadatar. Idan wani malami ya ɗaga hannu aka shiga addu'a, ba a bukatar ka yi abin da ba ka yi imani da shi ba, shirunka ya isa. Ka ce "ya haƙuri", za a amsa maka, ka ce Allah ya ba da haƙuri, ka ɗan zauna minti goma ko sha biyar, ka tashi. Gajeren zama a wurinmu ladabi ne, don wasu na tafe kuma tabarmar ba ta da faɗi.

A gidan Kirista kuwa tashi da sauri yana iya zama kamar ka zo sauke farali. Ka ɗan jima. Sau da yawa za ka ga tebur a bakin ƙofa da hoton mamaci da littafin ta'aziyya. Rubuta sunanka da jimla ɗaya ta alheri, domin iyalin suna komawa kan littafin nan bayan watanni su ga wanda ya zo. Za ka iya tarar da matan Zumunta sun cika tsakar gida suna waƙa, wani lokaci har da kiɗa, musamman in tsoho ne ya rasu ya bar jikoki. Kada fuskarka ta nuna ƙyama. A wurin Yarbawa da Ibo mutuwar wanda ya tsufa ya ga 'ya'yan 'ya'yansa abin godiya ce, mutuwar yaro ko matashi kuwa gidan tsit za ka same shi, kuma nan ne ake son ka rage magana. Su ma Kiristocin ba bakinsu ɗaya ba: 'yan Katolika suna yi wa mamaci addu'a, suna sa a yi masa ibada a coci, mabiya ECWA da makamantansu kuwa addu'arsu ga iyalin da aka bari take. Ba sai ka haddace wannan ba. Yana dai nuna maka cewa in ka tsaya a kan lallashin masu rai, babu gidan da za ka yi kuskure.

Sai abin da za a riƙa a hannu, kuma a nan ina da ƙorafi a kan gidajenmu na Musulmi kafin na kowa. Da labarin shahadar Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya iso Madina daga yaƙin Mu'uta a shekara ta 8 bayan Hijira, Annabi (SAW) ya umarci a dafa wa iyalinsa abinci, saboda abin da ya same su ya shagaltar da su. Abinci daga maƙwabta yake shiga gidan mutuwa. Yau a unguwanni da yawa mun juya abin. An dawo daga maƙabarta, ɗan mamaci da ko hawayensa bai bushe ba yana lissafin buhun shinkafa, hayar rumfa da kujeru, da jarkar mai, saboda akwai masu zuwa da safe su kafa zama har a sauke tukunyar rana. An ruwaito daga sahabi Jariru ɗan Abdullahi cewa su a zamaninsu taruwa a gidan mamaci ana dafa abinci suna lissafa shi cikin kukan mutuwar da aka hana. Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo ma, wanda Hubbarensa ke tsakiyar garin nan, ya yi magana a kan bidi'o'in jana'iza a Ihya'us Sunna. Ba na son shiga gardamar sadakar uku da bakwai da arba'in, malaman ɗariƙa da na Izala sun daɗe a kanta kuma kowa ya san inda yake. Abin da nake ganin ba mai musunsa shi ne, haramun ne a taɓa dukiyar marayu kafin rabon gado don a ciyar da masu ƙoshi, kuma abin kunya ne gwauruwa ta fita takaba da bashin abincin da baƙi suka ci.

Saboda haka wanda zai je gidan Musulmi, ko shi Musulmi ne ko Kirista, ya kai abin da zai rage wa gidan nauyi a ranar. Ledar fiya wata biyar ko goma da ƙanƙara, a watan zafi, ta fi komai amfani a ƙofar gida. Kular abinci ta shiga wurin mata, a kai ta kafin azahar ko kafin magariba. In ɗanyen kaya ne, kwanon shinkafa ko gero, sukari, mai, sabulu. Ga maƙwabci Kirista shawara ɗaya: wasu gidajen za su yi ɗari-ɗari da dafaffen nama saboda shakkar yanka, don haka ɗanyen hatsi, lemo ko ruwa ya fi sauƙi ga kowa. Kuɗi kuma a dunƙule a saka a hannun babban ɗa ko wanda ke riƙe da gidan, a keɓe, ba tare da sanarwa ba.

A gidan maƙwabcinmu Ibo tsarin kuɗin daban ne, kuma sai da muka tambaya muka gane. A ambulan ake sakawa, a rubuta suna a bayansa, akwai wanda aka wakilta yana shigarwa a littafi. Mu da muka saba da ɓoye kyauta sai abin ya yi mana kama da riya. Wani ɗan ƙungiyarsu ya fahimtar da mu cewa littafin na ramuwa ne, don ranar da abu ya same ka su san abin da ke kansu. Muka haɗa abin da ya sawwaƙa, wani dubu biyu, wani dubu biyar, muka sa a ambulan ɗaya muka rubuta "maƙwabta Musulmi na layinmu", muka haɗa da katan biyu na lemo. Matanmu kuma suka ɗauki abincin yaran na mako guda, gida-gida, tun da uban yana ta zirga-zirga tsakanin mutuware da tasha. A daren addu'arsu an kawo mana lemo da ruwa, an kuma ware mana kujeru nesa da inda wasu baƙinsu ke shan abin da ba ma sha. Ba mu roƙa ba, su suka san mu. Da aka kira isha'i muka yi sallama muka tafi masallaci, babu wanda ya ga laifinmu.

Abu ɗaya ne nake roƙon kowane ɓangare ya bari a gida, shi ne wa'azin jawo mutum. Na taɓa ganin wanda ya je gaisuwa gidan Kirista ya ɓuge da bayanin makomar wanda ya mutu bai yi shahada ba, a gaban 'yar mamacin. Na kuma ji labarin wanda ya je gidan Musulmi ya ce da marigayin ya karɓi Yesu da yanzu yana hutawa. Kowannensu yana ganin gaskiya ya faɗa, kuma kowannensu ya bar gidan da ƙiyayyar addininsa da ba za ta goge da wuri ba. Mutumin da gawar uwarsa ke kwance ba ya cikin halin muhawara, kuma amfani da rauninsa rashin tausayi ne. Haka tambayar "me ya kashe shi?", da "ai da kun kai shi asibiti kaza", da ɗaukar hoton gawa ko na masu kuka a watsa a waya kafin 'yarsa da ke aure a Gusau ta ji daga bakin ɗan'uwa. Waɗannan ba su da addini, a kowane gida ciwo suke ƙarawa.

Manyanmu sun riga sun saba zama da juna. Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar, tun hawansa a 2006, yana cikin jagorancin majalisar tuntuɓa tsakanin addinai ta ƙasa, Bishop Matthew Hassan Kukah kuma yana zaune a garin nan tun 2011. Amma ba su ne za su shiga layinmu na Mabera ba, ko lungunan Tudun Wada da Arkilla. Wata bakwai bayan rasuwar nan, ƙanen dattijon majalisarmu ya cika da dare. Da muka fito sallar asuba muka tarar da maƙwabcinmu Ibo ya riga ya faka motarsa ta ɗaukar kaya a ƙofar gidan, ya sauke ledojin ruwa, yana tambaya ko za a bukaci motar zuwa maƙabarta. Ita ta ɗauki tsofaffin da ba sa iya tafiyar ƙasa.

Ina kira ga limaman unguwanni su ware huɗuba ɗaya ko karatun magariba ɗaya su koya wa jama'a lafazin da ake faɗa a irin wannan gida, fastoci da fada-fada su ma su gaya wa mabiyansu cewa makokin Musulmi kwana uku ne kuma ba a aika kati. Kai kuma mai karatu, in ka ji mutuwa a gidan da ke jikin katangarka, sa takalminka ka je tun ranar, ka ce masa ya haƙuri, ka tambayi ko yaran sun ci abinci.